Sunan Jumare a Cikin Kadara

Da wani kamfanin Zariya ya sayi kamfanin gyaɗar Jumare a Ikara, akawunsu ya yi masa bayani. Sito da sikeli da mota, bayan an cire bashi, fam ɗari bakwai suka kama, amma dubu aka biya.

"Ɗari ukun fa, na mene ne?" in ji Jumare.

"Na sunanka ne, Baba, wanda ya sa manoma ba sa tsayawa ganin awo. Sai an saye shi yake shiga lissafin kadara."

Sharaɗin cinikin shi ne Jumare ya bar sayen gyaɗa. In kaka ta yi, yana zaune ƙofar gida manoman ƙauyen Saulawa za su gaishe shi, su kora jakunansu sito. Yakan bi buhunan da ido har su sha kwana.