Gaɓar Kawu Elbert ta Sha Uku

Sau huɗu ke nan Mista Haskew, mai gidan ɗaukar faifan waƙa, yana tsayar da na'urar ɗaukar murya, ko ƙarfe goma sha ɗaya na safe ba ta yi ba. Ya leƙo daga bayan gilashin ɗakin na'urarsa, sigari a baki.

"Vernell, wai kawun nan naki ya iya lissafi kuwa?"

Vernell Gaskin ta ɗauke hannu daga piyano ta goge gumi. Ita ta jawo wa kanta. Wata uku tana damun mutumin da labarin wani kawunta a gonakin audugar Mississippi, mai muryar da babu irinta a duk Memphis, har ya gaji ya ce a kawo shi. Ga shi an kawo shi, da jitarsa da kwat ɗin zuwa coci, yana zaune a tsakiyar ɗaki kamar mai jiran aski.

"Na iya mana, yallaɓai," in ji Kawu Elbert. "'Ya'ya tara na haifa, ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba."

Purvis mai ganga ya ce, "Sha biyu ake nema, tsoho."

Abin ba wani asiri ba ne. Waƙar buluz gaɓa goma sha biyu ce, kowace gaɓa bugu huɗu, kuma haɗin sauti uku kawai take hawa. Makaɗa suna kiran su ɗaya, huɗu da biyar, gwargwadon matakin da kowanne ke tsaye a jerin sautuka. Gaɓa huɗun farko ana zaune a kan ɗaya, wato gida. A ta biyar a hau huɗu, a yi gaɓa biyu, a dawo gida biyu. Ta tara a haye biyar, inda kunne ke ƙagara, ta goma a sauko huɗu, biyun ƙarshe a gida, a juya a sake. A shekarar 1955 ɗin nan da yara suka haukace da rok-an-rol, abin da aka yi wa tsohon tsarin bai taka kara ya karya ba: an ƙara masa gudu, mai ganga yana sara bugu na biyu da na huɗu, hannun hagun mai piyano yana hawa da sauka ba hutu. Shi ya sa Vernell da Purvis da mai kaɗa bas, babban gogen nan mai kaurin murya, da ba su taɓa kiɗa tare ba sai yau, ba su nemi gwaji ba. An faɗi sautin da za a tashi a kai, kowa ya san hanya.

Kowa, ban da mai waƙar. Shekara arba'in Kawu yana kiɗa shi kaɗai a barandarsa, inda babu mai ƙirga masa komai, yakan canza haɗi lokacin da ransa ya so. Zagayensa wani sha uku, wani sha huɗu. Su hau huɗu yana nan a gida, su dawo gida shi yana nan kan huɗu, sai kiɗan ya cakuɗe.

Mista Haskew ya yafito Vernell zuwa bakin ƙofa. Rage murya bai dame shi ba.

"Waƙar tana da kyau, zan saye ta. Amma ƙarfe sha biyu wasu za su shigo. In bai daidaita ba a ɗauka ɗaya, ranar Alhamis zan ba wani mawaƙina ya rera."

Ranta ya ɓaci. Wannan tsohon ne ya fara ɗora yatsunta a kan kayan kiɗa, kuma ta san idan ya hau mota ya koma gida yau, muryarsa ba za ta taɓa hawa faifai ba.

Ta ja kujera kusa da shi. "Kawu, duba nan. Layi uku ne. Ka rera na farko a gaɓa biyu, ka bar biyu jita ta amsa. Ka maimaita shi a kan huɗu, nan ne mai ƙirƙira ke samun sararin tuno na uku. Na uku ya warware magana a kan biyar. Shi ke nan fa."

"'Yar nan, ni za ki koya wa buluz? Ina yin ta uwarki ba ta yi haƙori ba."

"To me kake jira bayan layin farko?"

"Ba na jiran komai."

"Rera min kai kaɗai in ji."

Ya rera, ita kuwa tana ƙirge da ƙafa. "Jirgin safe ya wuce, ni ina neman takalmi." Gaɓa biyu cif. Jita ta amsa, uku, huɗu, babu kuskure. A nan ya kamata ya hau huɗu, sai ya karkatar da kai gefen dama, yana ɗan taɓa igiya ɗaya, kamar mai sauraron wani a ɗakin baya. Gaɓa guda ta wuce kafin ya ci gaba.

Vernell ta tsayar da ƙafarta. Ta san wannan karkata kan. A gidansu na ƙauye kicin yana dama da baranda, kuma Inna Zeola, matar Kawu, ba ta taɓa barin layi ya wuce ba ta mayar masa da magana ba, sai dai kullum a makare, don sai ta sauke tukunya ko ta juya kifi. Shekara shida ke nan da rasuwarta. Ashe mutumin lissafinsa daidai yake, wuri yake bar mata.

Ba ta faɗa masa ba. Ta miƙe ta jawo makirufo kusa da piyano.

"Mista Haskew, kunna. Zan sa baki."

"Ke da kika ce ba kya waƙa sai a coci?"

"Ai tsiwa zan yi."

Purvis ya buga sanduna sau huɗu, suka faɗa ciki da gudu. Kawu ya rera layinsa na takalmi. Bakinsa bai rufe ba, a kan gaɓa ta uku, Vernell ta jefo masa: "Yana ƙarƙashin gado, malalacin banza, duƙa ka duba."

Tsoho ya zaro ido. Amsa ta riga ta zo, ba abin da zai jira, sai ga shi a gaɓa ta biyar ya dira kan huɗu tare da kowa. Ya maimaita layin da zafi, kamar wanda aka tsokana. Ta ce, "Jiya ma haka ka ce." Suka dawo gida tare, suka haye biyar tare, Kawu ya kawo layi na uku. "Mai jirana a tasha, yau sai dai ya yi haƙuri." Purvis yana dariya yana duka, mai bas ya lumshe ido. Zagaye tara suka yi cikin minti biyu da rabi, daidai cikin fuskar faifai, biyu daga ciki Kawu ya bar jita ta yi surutunta ba waƙa, kuma ko sau ɗaya bai fita daga sha biyu ba.

Mista Haskew ya fito yana kaɗa kai. "Wannan yara za su taka ta. Sunan ku biyu zan sa a faifan."

Ya mayar da zaren na'urar baya ya kunna musu. Kawu ya saurara daga farko har ƙarshe, hularsa a gwiwa, bai kalli kowa ba. Da ta ƙare ya daɗe yana goge igiyoyin jita da hankici.

Vernell ta ce, "Yaya, Kawu? Ta yi?"

"Ta yi," ya ce. "Kin fi innarki sauri. Amma ita da ta ce malalaci, daga can kicin nakan ji tana dariya."