Sunan Baba Ya Yi Tsawo

Na raka Baba asibiti karɓar magani, mai rajista ta ce kwamfuta ta nuna ya rasu.

Ta ciro tsohuwar takardar da aka kwafa. Jadawali ne marar layi: suna, ranar sallama, ranar rasuwa, tazara kawai ta raba su. Dogon sunan Baba ya tura ranar sallamarsa gaba, ta faɗa ƙarƙashin rasuwa. Na'ura ta bi tazara, ba ruwanta.

Na ce, "Baiwar Allah, ga shi a gabanki."

"Na gan shi. Gyara sai mai fayil ya sa hannu, kuma ba a karɓar na mamaci."

Baba ya ɗauki sandarsa. "Mu tafi, 'yata. Ko gaisuwar mutuwa ba su yi miki ba."