Bindigar da Na Musanya wa Baba

Shekara goma sha tara Baba yana kula da siton abincin kajin gonarmu, kuma a duk tsawon lokacin bindigar iska ɗaya ce a hannunsa, mai sifirin. Ina ƙarama ya taɓa nuna mini yadda take aiki. Yakan dafe gindinta a cinya, ya karya bututun ƙasa har a ji ƙas, wannan karyawar ce ke matse wani ƙaton sifirin a cikinta. Sai ya sa ƙwayar darma ɗaya, ya miƙe bututun. In ya ja kunama, sifirin ya kufce ya ingiza wani ƙarfe mai roba a kai da ake kira fistin, fistin ya matse iskar da ke gabansa, iskar ta fitar da ƙwayar. Yakan ce ƙarfinta daga damtsensa take aronsa, shi ya sa ba ta taɓa yi masa yajin aiki ba.

Abokan gabarsa ɓeraye ne da tantabarun da ke shigowa ta ƙarƙashin kwano. Ɓeraye su huda buhu, tantabaru su yi kashi a kan dusa, kaji su ci su kamu da ciwo. Guba kuwa ba ya yarda da ita kusa da abincin dabba. Kullum da sanyin safiya yakan zauna a kan wani tsohon akwatin ƙwai a bakin ƙofa, ya yi awa biyu yana gadi, kafin ya dawo gida Mama ta tambaye shi gawa nawa aka yi yau a fagen daga.

Ni ce autarsa, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin birni, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. A wani zuwa na zauna kusa da shi, na ga ya harbi tantabara sau uku bai same ta ba, na huɗun ya karya mata fiffike, ta faɗo tana mutsu-mutsu sai da ya ƙarasa ta da hannu. Na kalli yatsunsa, na ga suna ɗan rawa. Nan take na gama yanke hukunci, irin yadda muke yi a wajen aiki kafin majiyyaci ya gama bayani: tsufa ne.

Na je wurin mai gyaran bindigogin iska, wanda ake kira Dogo saboda gajartarsa. Ya yi mini bayani a tsanake. Mai sifirin, in ji shi, tana zabura gaba da baya tun ƙwayar ba ta bar bututu ba, don haka sai an riƙe ta sako-sako, kuma riƙo iri ɗaya kullum, in ba haka ba saiti ya tafi. Ya ɗauko wata daban mai 'yar tukunyar iska a ƙarƙashin bututu. Ita wannan tun farko ake ɗura mata iska da famfo, har agogon awon iskarta ya kai ɗari biyu. In an ja kunama, wata 'yar guduma ce ke bugun bawul, wato marfin da ke tsare iskar, ya buɗe na ƙiftawar ido, ya saki iska daidai harbi ɗaya. Ba ta zabura, ƙararta kaɗan ce, tana ɗaukar ƙwaya goma a jere. Ya ce a aikin ɓera da tantabara ta fi saurin kashewa ba tare da wahalar da dabba ba, matuƙar akwai mai ɗura mata iska. Sau biyu ya ce in kawo tsohuwar ya duba kafin a yi magana. Na kawo ta ranar da Baba ya je gaisuwar rashin lafiya, amma ba don a duba ba. Na bar masa ita, na ɗauko sabuwar da famfonta.

Baba ya daɗe yana jujjuya ta a hannu. Ya yi godiya, ya sa mini albarka, sannan ya tambayi inda tasa take. Da na faɗa masa sai ya ce, "To, Auta. Ai kin fi ni sanin zamani."

Gaskiya makon farko ta yi abin da aka ce. Ya ɗora ta a kan buhu, ɓera bakwai ya kwantar a safiya ɗaya, na farko ya faɗi na biyu bai ma gudu ba. Mama ta buga mini waya tana dariya, wai yanzu sai an roƙe shi yake dawowa karin kumallo. Na ji kaina ya yi girma.

Abin da ban lissafa ba shi ne famfon. Kamar na keke yake, amma in iska ta fara cika sai mutum ya hau kansa da duk nauyin jikinsa, sau ɗari ko fiye. Baba yana da ciwon zuciya, likita ya hana shi irin wannan yunƙurin, kuma ni da kaina nake kawo masa maganin. Karya tsohuwar yunƙuri ɗaya ne, ya huta, ya sake in ya ga dama. Ya gwada famfon sau ɗaya, Mama ta same shi zaune a ƙasa yana haki. Daga ranar ta kulle famfon a ɗakinta. Babbar tukunyar da ake ɗura wa irin bindigar daga cikinta kuwa, babu mai cika ta a kusa da mu.

Sai ya zama ni ce mai ɗurawa ranar Asabar. Harbi arba'in ko hamsin take bayarwa kafin allurar agogo ta sauka, ƙwaya ta fara faɗuwa ƙasa da inda aka saita. Baba ba ya harbin da zai raunata, don haka in ta kai nan sai ya jingine ta. Kafin Laraba ya gama rabonsa. Aka canza mini jadawalin aiki, na yi mako uku ban zo ba, a ciki wata robar bawul ta fara yoyo, iskar ta tsiyaye ita kaɗai. Bai taɓa kirana ya ce in zo ba. Mama ce ta gaya mini yana zuwa sito ya zauna a kan akwatinsa ba komai a hannunsa, yana kallon tantabaru a kan katako, daga baya ma ya daina zuwa. Yayana ya kawo tarkuna da raga, ya karɓi makullin.

Sai bayan watanni na koma wurin Dogo in karɓo tsohuwar. Ya ce ai ta daɗe da tafiya, wani mai lambu ya saya. Sannan ya ce ya buɗe ta kafin ya sayar. Robar kan fistin ta cinye, sifirin kuma ya karye wajen ƙarshe, shi ya sa kowane harbi da ƙarfinsa daban. Aikin rabin yini ne. Da ya canza su, daidai inda aka saita take saka ƙwaya.

"Da hannun tsohon ne ya lalace, da sabuwar ma ba zai kashe bakwai a zama ɗaya ba, 'yar uwa," in ji shi, da na ba shi labarin makon farko.

Na ɗauki wata mai sifirin sabuwa na kai gida. Wata takwas kenan rabonsa da karya bututu. Ya dafe ta a cinya, ya ja, ta zo rabi ta tsaya. Ya sake, bai kai inda ya kai da farko ba. Ya mayar da bututun a hankali don kada ya kufce masa, ya miƙo mini.

Na gaya masa abin da Dogo ya gano, ban rage komai ba. Ya ce ya sani, tun kafin in ɗauke ta ya ji ƙararta ta canza, yana jiran in zo ne da mota in kai shi wurin gyara. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba.

"Kin riga kin kawo, kina ta murna," ya ce. Sannan ya ce in je in taya Mama kwashe shanya, hadari ya haɗo.