Kibiya Biyu a Jikin Guga

Malama Uwaliya, mai koyar da fiziks a Kabo, ta zana guga a allo, ana jawo shi daga rijiya, saurinsa ba ƙari ba ragi. Ta sa kibiyar igiya sama, ta nauyi ƙasa.

"In an haɗa ƙarfin biyu, amsar sama ce, ƙasa, ko sifiri?"

Ɗalibinta Zayyad, mai shayar da shanun gidansu kullum, ya zaɓi sama.

"Sifiri ne," in ji ta. "Tunda saurin bai canja ba, kibiyoyin daidai suke."

Ya buɗe mata tafukansa, duk sun yi kanta. "Malama, wannan ne sifirin?"

Ta dafa kibiyar sama. "Wahalarka ga ta nan. Nauyin gugan ne ya cinye ta tas."