Gyaren da ke Kunnen Halliru

Halliru ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, har mutanen ƙauyensu na bakin gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo, suka ce ya dawo lafiya lau. Ba su san ya yo tsaraba a kunne ba. Aikinsa a can ɗura harsashin igwa ne, kuma tun daga lokacin wani kuka siriri irin na gyare ya tare a kunnensa na hagu. Likitan soja ya leƙa, bai ga dauɗa ba, bai ga ruwa ba. Ya ce ƙarar igwa ce ta ci jin kunnen, ƙila da ɗan taimakon kwinin da ya sha ta masassara. Ba ya kisa, in ji shi, maganinsa kuwa sabo.

To, sabon ma sai da dabara. Halliru ya lura kukan yakan yi ƙarfi in wuri ya yi tsit, ko in bai yi barci ba, ko in ransa ya ɓaci. Amma a lambun albasar da ya gada a bakin gulbi, in yana jan jigo, itace na ƙara, ruwa na zuba cikin fangalin albasa, sai gyaren ya nutse, har ya manta da shi. Can yake yini, can yake ƙailula. Lambun nan ne kaɗai inda yake jin shi mutum ne kamar kowa.

Mutum ɗaya ya gaya wa, wansa Mode, wanda ya noma lambun duk shekarun da ba ya nan, ya kuma mayar masa da shi yana murmushin da bai wuce haƙora ba.

"Yaya, shiru shi ka kashe ni," in ji Halliru. "In anka aje ni inda babu motsi, sai in ji awa kaina za ya tsage."

Mode ya dafa kafaɗarsa, ya ce wannan magana ta mutu a nan. Ta mutu kuwa, irin mutuwar da ta sa kafin albasa ta yi kai mata suka fara janye 'ya'yansu in Halliru ya gifta. Wai iskokin ruwa ke yi masa magana, shi ya sa ba ya rabuwa da gulbi.

Wata rana da hantsi hakimi ya aiko kiransa. Ya tarar da dattawa a zaure, Mode a gefe ya sunkuyar da kai kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"Halliru, wanka ya kawo kuka," in ji hakimi. "Ya ce kana jin abin da mutane ba su ji. Kowa shi yi kurum." Zaure ya yi tsit. "To, yanzu mi kaka ji?"

Da ya iya ƙarya da ya tsira. Amma a shirun nan, ga zuciya na tafasa, kukan ya cika masa kai fal.

"Ranka shi daɗe, ina jin ƙara. Amma ba magana ta ba, ciwon kunne na. Igwa ta yi man shi. A tambayi Baba Ma'azu maƙeri, shi ma guduma ta bar mai irinai, da bakinai yah hwaɗa man."

Aka juya ga tsohon maƙerin. Ma'azu ya dubi fuskokin dattawa, ya ga yadda ake kallon Halliru, ya tuna yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba.

"Ni ban san wagga magana ba," ya ce, idonsa a ƙasa.

Shi ke nan. Hakimi ba mugu ba ne, tausayi ma ya ji. Ya yanke cewa wanda iskoki suka taɓa ba a barinsa kusa da ruwa. Lambu ya zauna a hannun Mode har Allah ya kawo sauƙi, Halliru kuma a tsare shi a gida ana yi masa rubutu da turare.

Rasa lambun ya yi masa ciwo, amma Halliru ya daure, yana lissafin ko a gida akwai dakan mata da kukan awaki da za su rufe masa gyaren. Sai Mode ya ɗago, murya a sanyaye.

"Ranka shi daɗe, na riga na gyara mai ɗakin bayan rumbu. Ko kukan kaza ba ya kai can. Shi samu shiru shi huta."

Dattawa suka shiga sa albarka, wai ɗan'uwa ya yi zumunci. Halliru ya tsaya yana kallon wansa.

"Yaya," ya ce, "kai ɗai nag gaya ma."

Mode bai dube shi ba. Ya miƙe ya kama masa hannu a hankali, yadda ake kama marar lafiya, ya ja shi zuwa ƙofa.