Irin Yogot ɗin Maman Udoka

"Mama, Maman Udoka ta tafi ne don za a zo a kashe mu?"

'Yata Tracy ce ta yi tambayar, shekararta biyar lokacin, kuma a gaban matar ta yi. Nkiruka, wadda duk layinmu a Damilu ke kira Maman Udoka, tana tsaye a ƙofata da jaka a kafaɗa. Satin da 'yan tada ƙayar baya suka ci Mubi ne, tashar Jimeta cike da masu barin gari.

"Kai, wannan yarinya, bakinsa!" in ji Nkiruka da irin Hausarta, ta ja kumatun Tracy. "Zan je gaida mamana ne a Onica. Maman Tracy, abeg, riƙe wannan."

Ta miƙo min wata kwalba mai faɗin baki, yogot ya kai rabinta. Irinta ne, wato ɗan yogot ɗin da take ragewa daga kowane haɗi don ta kama na gaba da shi. Shekara shida tana juya shi bai yanke ba, shi ya sa na shagonta yake da kaurin da cokali ke tsayawa a ciki. Ta ce ba zai jure kwana biyu a mota ba.

"Kowane sati ka haɗa sabo, in ba haka ba zai mutu. In na dawo ban same shi ba, ni da kai ne."

Na yi alkawari. Na iya aikin, ita ta koya min. A dama madarar gari da ruwa, a ɗora har ta kusa tafasa, a sauke ta huce. In kika sa ƙaramin yatsa mai tsabta kika ƙirga goma, da ɗumi sosai amma bai ƙona ki ba, to ta yi. Cokali biyu na iri ga lita ɗaya, a gauraya, a rufe, a sa a kula, a naɗe da bargo, a ƙyale shi awa bakwai ko takwas ba motsi.

Kwana uku bayan tafiyarta gidanmu ya cika. Dangin maigidana Manasseh, da suka gudu daga Michika zuwa Mubi, suka sake gudowa, mutum goma sha huɗu. Babbar cikinsu Goggo Rebeka, yayar mahaifinsa. A daji suka rabu da mijinta, Baba Zadok, kuma tun da ta iso ba ta iya zama. Ko keke napep ne ya tsaya a layi sai ta miƙe ta leƙa ƙofa. A tsaye take cin abinci.

Kulata ta koma ta kunun yara. Barguna biyu da nake da su, ɗaya na kan mai jego, ɗaya na kan wani tsoho mai zazzaɓi. Wutar lantarki ma ba ta zama, sai na riƙa sayen ƙanƙara ina jingina kwalbar da ita. A rana ta takwas na buɗe, na ji tsamin ya fara yawa. Ba sauran jira.

Da sassafe na haɗa babbar tukunya, don ina so yaran nan su samu abin da zai zauna musu a ciki. Son in ga ya kama ya sa na juye irin duka. Na naɗe tukunyar da zannuwana biyu, na ajiye a lungun kicin, na goya Tracy zuwa chemist saboda tari.

Da na dawo tukunya ba ta lungun. Tana kan murhu a tsakar gida.

"Na ga zani ba zai riƙe ɗumi ba, 'yata," in ji Goggo. "Na ɗora miki a kan toka, wutar ta mutu."

Na tona tokar da itace, ga garwashi ja a ƙasa. Gindin tukunyar ba ya taɓuwa. Na buɗe, madarar ta tsinke, ruwa-ruwa kore a sama, gudaji a ƙasa. Irin yogot abu ne mai rai, ɗumi yake so, zafi mai yawa kashe shi yake yi. Na zauna a kan turmi. Ban yi mata faɗa ba, ta yaya zan yi? Amma ta ga fuskata.

"Amanar mutane ce ko?"

Na gyaɗa kai.

"Ina kwalbar? Kin wanke?"

Ban wanke ba. Na kankare jikinta da gindinta, na samu abin da bai cika ƙaramin cokali ba. Wannan ba zai kama tukunya ba, amma zai iya kama rabin kofi. Na tafasa wata ƙaramar kwalba, na dafa madara kaɗan, na jira ta huce, na gwada da yatsa har sau biyu, na gauraya. Sai matsalar ɗumi. Ƙaramin abu saurin hucewa yake yi, ga sanyin Nuwamba ya fara shigowa, ba kula, ba bargo, kuma na rantse ba zai ƙara kusantar murhu ba.

Goggo ta karɓi kwalbar daga hannuna. Ta ɗaga rigarta, ta manna ta a cikinta, ta ɗaure da zani, ta ƙara wani a kai.

"'Ya'ya bakwai na ɗumama a nan, ba wanda ya ƙone."

"Goggo, ɗumin jiki bai kai wanda ake so ba, zai daɗe. Awa goma ko fiye. Kuma ba ya son girgiza."

"To kawo min kujera."

Ƙarfe tara ta zauna a ƙarƙashin darbejiya. Tracy ta zo ta tsaya a gabanta tana kallon tudun.

"Kaka, ciki gare ki?"

"Ciki ne, mijinki na unguwar Yolde Pate ne ya yi min. Ki shirya wankin tsumma."

Matan gidan suka fashe da dariya, irin wadda ban ji ba tun zuwansu. Wajen azahar wata mota ta tsaya a ƙofa, aka buga hon. Na ga ƙafafun Goggo sun taka ƙasa, hannunta ya kama kujera. Sai ta dafe cikinta.

"Maman Tracy, je ki duba min."

Mai kawo ruwa ne. Na dawo na faɗa mata, ta ce to. Sau huɗu na je mata ƙofa ranar. Da za ta zaga sai ta kunce kwalbar a hankali ta ɗaura min, na zauna a madadinta ko tari ban yi ba. A kujerar ta ci tuwo, har ta gyangyaɗa.

Bayan magariba muka buɗe. Na karkata kwalbar, bai zubo ba. Ya kama, fari sol, da ƙamshin nan mai ɗan tsami. Goggo ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Na haihu. Ku ba ni kunun kanwa."

Washegari na kama lita ɗaya da shi, a kular da na aro a coci. Daga wannan na ɗebi kwalba biyu, ɗaya na kai wa Hajiya maƙwabciyata, ɗaya wa matar fasto, na koya musu yadda za su juya shi. Baba Zadok ya iso ta hanyar Kamaru kafin Kirsimeti, ya rame amma da ƙafarsa. Nkiruka ta dawo bayan zaɓe, ta ɗanɗana, ta ce ya fi na da tsami kaɗan, sannan ta shanye kofin.

Ke da za ki gwada wannan a gidanki, ki ji ni da kyau: kada ki taɓa juye irinki duka a tukunya ɗaya. Ki rage cokali biyu a sanyi har sai kin ga haɗin ya kama da idonki, domin ba kowane gida ke da tsohuwar da za ta zauna miki awa goma ba.