Rodi Talatin da Uku

Wata uku na yi a wurin ginin nan babu wanda ya kira ni da sunana. Biro suke ce mini, saboda kullum akwai ɗaya maƙale a hular kwanona. Na ƙare karatun gini da sakamakon da ba na jin kunyar nuna wa kowa, amma aikin da aka ba ni shi ne ƙirga buhunan siminti da riƙe bakin tef ɗin awo. Gwaji aka ɗauke ni, kuma a makon da zan ba da labarinsa gwajin zai ƙare. Ko a bar ni a bakin aiki, ko in koma gida in tarar da yayana, wanda tun ranar da na fara yake cewa kujerar shagonsa tana nan tana jirana.

Ranar Litinin Injiniya, shugaban aikin, ya tara mu a ƙarƙashin rumfar kwano. Ranar Alhamis za a zuba kankaren hawa na biyu, an riga an kama injin kwaɓin siminti da ma'aikata. Abin da ya rage shi ne rodi mai kaurin milimita sha shida. Zanen gini yana son guda ashirin masu tsawon mita bakwai, ashirin masu mita biyar, sha shida masu huɗu da rabi, sha shida masu uku. A ƙasa kuwa dogayen rodi talatin da uku ne kwance, irin waɗanda ake sayarwa a kan mita sha biyu.

Injiniya ya dubi Baba Mai Rodi, dattijon da ke shugabantar masu yanka da ɗauri.

"Baba, za su isa?"

"Ba za su isa ba, Yallaɓai. Talatin da takwas nake so."

Ya lissafa da yatsunsa masu kanta. Masu bakwai, kowanne rodinsa, ashirin ke nan. Masu biyar bibbiyu, goma. Masu huɗu da rabi bibbiyu, takwas. Gajerun masu uku zai tsince su a cikin ragowa. Haka yake aiki tun kafin a haife ni: a gama tsawo ɗaya kafin a taɓa wani, ragowa kuma ta gajeru ce.

"Mai kawo mana ya ce sai mako mai zuwa," in ji Injiniya, yana murza goshi.

Ni kuwa tun ranar Asabar na yi lissafina a bayan wata takarda. Na ce, "Talatin sun isa."

Dogo, mai riƙe injin yanka, ya fashe da dariya. "Biro ta yi magana! Ku yi shiru, tawada za ta zuba."

Ban kalle shi ba. Na shimfiɗa takardar a kan benci. Bakwai da biyar sha biyu ne cif, don haka rodi ashirin za su ba da masu bakwai da masu biyar gaba ɗaya. Huɗu da rabi sau biyu a haɗa da uku, shi ma sha biyu ne: rodi takwas. Sauran masu uku guda takwas, hurhuɗu a rodi biyu. Talatin, ba guntun da zai faɗi ƙasa.

Injiniya ya bi layukan da yatsa sau biyu. Ya ce, "To, madalla. Ukun da suka yi saura ma ana nemansu a wani ginin da muke yi. Gobe direba zai zo ya ɗauka." Sannan ya ɗago. "Yankan nan a hannunki yake. Idan Alhamis ta zo rodi bai cika ba, ke zan tambaya."

Baba bai yi musu ba. Ya dai ce, "'Yata, kin auna su?"

"Baba, sha biyu ne. A rubuce yake a takardar da aka kawo su da ita."

"To," in ji shi. Ya ɗauki butarsa ya tafi.

Na kwana ina jin daɗin wannan "to" ɗin, don na ɗauka sallamawa ce.

Washegari da hantsi muka ja rodi na farko muka ɗora a kan katako. Ni na ja tef, na sa alli a kan mita bakwai. Dogo ya sauke injin, tartsatsi ya tashi, ƙarfen ya rabu biyu. Na ɗora tef a kan ragowar don in nuna musu biyar ɗina.

Huɗu da santimita casa'in.

Na sake aunawa daga ɗaya bakin. Na duba ko tef ɗin ne ya lanƙwashe. Na koma kan mai bakwai ɗin, ko na zarce da alli. Bakwai ne daidai. Faifan injin ba ya cin abin da ya wuce 'yan milimita. Santimita goma sun ɓata, kuma ba a wurin yanka suka ɓata ba.

"Tsaya," na ce wa Dogo, wanda har ya jawo na biyu.

Na bi rodin nan ɗaya bayan ɗaya, a durƙushe, rana tana dukan bayana, tsatsa tana shiga ƙarƙashin farcena. Babu wanda ya kai sha biyu. Mafi tsawo ya gaza da santimita takwas, mafi gajarta da sha uku. Duk lissafina a kan cikar sha biyu ya tsaya. Bakwai da biyar ba za su fita ba. Huɗu da rabi biyu da uku ba za su fita ba. Ko hurhuɗun masu uku ba za su fita ba. Babu layi ɗaya a takardata da ya tsira.

Baba yana zaune a kan bulo yana gyara ƙugiyar ɗaurinsa. Sai a lokacin na gane abin da ya sa bai taɓa lissafa ragowar masu bakwai a matsayin biyar ba.

"Baba, ka sani."

"Na tambaye ki."

"Da ka faɗa mini."

"A gaban Yallaɓai? Da kin ji?"

Gaskiyarsa, da ban ji ba.

Dogo ya matso, ya rage murya, kuma wannan karon ba tsokana yake yi ba. "Malama Biro, santi goma ne fa. Ki bari mu yanka, mu sa su a matsayin biyar. Kankare zai rufe. Wa zai shiga ciki da tef? Ni ban gani ba, Baba bai gani ba."

Na daɗe ina kallon guntun. Tausayina Dogo ya ji, kuma wannan ya fi dariyarsa ciwo. Amma na san inda santimita goman nan suke zuwa: su ne ƙarshen da ke shiga cikin ginshiƙi ya kama. An yarda rodi ya gaza da ɗan abin da bai kai faɗin yatsu biyu ba, ba a yarda da goma ba. Mutane za su kwana a ƙarƙashin wannan rufin.

"A'a," na ce.

"To sai ki shirya jakarki."

Na zauna a inuwar tankin ruwa, na juya takardar. Na daina neman cikar da ba ta bar komai. Na nemi abin da zai shiga cikin rodi mafi gajarta. Bakwai ba ya ɗaukar biyar, amma yana ɗaukar huɗu da rabi: sha ɗaya da rabi. Rodi sha shida ke nan, kuma wanda muka riga muka yanka yana cikinsu, bai lalace ba. Sauran masu bakwai guda huɗu, kowanne da mai uku ɗaya. Ya rage masu uku sha biyu da masu biyar ashirin. Biyar da uku da uku, sha ɗaya: rodi shida, masu uku sun ƙare. Masu biyar sha huɗu da suka rage, bibbiyu, rodi bakwai.

Na haɗa. Sha shida da huɗu da shida da bakwai. Talatin da uku.

Na juya shi ta kowace fuska ko zan samu talatin da biyu. Bai yiwu ba. Duk rodin da ya ɗauki biyar biyu ba ya ɗaukar komai kuma, gajerun ba su da wurin zama. Talatin da uku, ba rarar ko ɗaya.

Ina ɗagowa na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe daga bakin ƙofa. Direba ne. Har an ɗora rodi uku a kan motar, ana ɗaure musu jan ƙyalle a wutsiya. Injiniya yana tsaye a gefe yana waya, ma'aikata kusan goma suna hutawa a jikin katanga.

Da zan iya jira in same shi shi kaɗai a ofis, amma kafin nan motar ta yi nisa. Na tashi. Ban yi gudu ba, ban kuma sunkuyar da kai ba. Na je na tsaya a gaban motar.

"Malama, matsa mana," in ji direba. "Ko ke ma ɗora ki za a yi?"

"A sauke su."

Injiniya ya kashe wayar. "Lafiya?"

"Yallaɓai, lissafin da na ba ka jiya kuskure ne. Rodin ba su kai sha biyu ba, kuma ban auna ba kafin in yi magana. Baba ya tambaye ni, na ƙi ji. Talatin ba za su isa ba." Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so, duk na jikin katanga suka ji. Wani ya yi fito. "Talatin da uku za su isa. Idan ukun nan suka fita, ba za a zuba kankare ranar Alhamis ba."

"Jiya ma haka kika ce, za su isa."

"Jiya ban auna ba. Yau na auna kowanne."

Ya karɓi takardar, ya daɗe a kanta. Sannan ya miƙa wa Baba, wanda ya taso a hankali. Baba bai karɓa ba. Ya ce in karanta masa. Na karanta, yana lanƙwasa yatsu.

"Huɗu da rabi a cikin ragowar bakwai," ya ce. "Ni da na yanka masu uku a ciki, in zubar da kusan mita biyu sau sha shida. Zai fita, Yallaɓai. Amma idan hannu ya goce sau ɗaya, shi ke nan."

"Ba zai goce ba," na ce. "Ni zan sa alli, Baba ya duba, sannan a yanka."

Injiniya ya ce a sauke.

Yini biyu muka yi. Kowane rodi na rubuta masa lamba da abin da zai fita daga cikinsa. In auna, Baba ya sake aunawa, sannan Dogo ya sauke injin. Sau ɗaya Baba ya kama ni na sa alli a huɗu da arba'in maimakon huɗu da hamsin. Ya goge da babban yatsa, na sake aunawa. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, na naɗe da tsumma na ci gaba. Dogo ya ce in je in zauna, na ce ya kula da faifansa. La'asar ɗin Laraba muka yanka na talatin da uku, biyar da biyar. Masu ɗauri suna biye da mu tun ranar Talata, suna kwashewa suna hawa da su.

Ranar Alhamis, injin kwaɓi yana ruri, Injiniya ya hau sama da tef ɗinsa. Ya auna rodi wajen goma a wurare daban-daban kafin ya ɗaga hannu a fara zubawa. Da ya sauko ya tsaya kusa da ni, ya zaro wasu takardu daga jakarsa.

"Zanen hawa na uku ne. Rodinsa zai iso ranar Talata. Ki zo da wuri, ki tare motar a ƙofa da tef ɗinki."

Na karɓa da hannun da ba shi da tsumma, na tambaye shi kauri nawa da nawa za a kawo.